Gaisuwar Juma'a daga tsohon miji: biko ne ko zumunci?

Asalin lamarin: 2015 zuwa Janairun 2023

Matar da wannan bayani ya shafa tana da shekara 31 lokacin da aurenta ya mutu. Malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a cikin birnin Kano, mijin kuma yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. An ɗaura musu aure a 2015, Allah ya ba su 'ya'ya biyu, mace mai shekara bakwai da namiji mai shekara huɗu. Ni maƙwabciyar gidan iyayenta ce, kuma mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Na sakaya sunaye saboda sirrin gidajen biyu.

Ba duka ne ya kashe auren ba, ba kuma yunwa ba. Muhalli ne. Tun daga ranar da aka kai ta, a gidan gado suke zaune: ɗaki ciki da falo, tsakar gida ɗaya da uwar miji da facaloli biyu, madafi ɗaya, famfo ɗaya. Ita tana fita aiki da safe, su suna gida, sai rabon girki da shara da wanke-wanke ya zama abin faɗa kullum. Ya yi mata alkawarin kama haya tun bayan haihuwar fari, alkawarin bai cika ba, domin mahaifiyarsa ta ce ba za a raba mata kan 'ya'ya tana raye ba. Matar ta yi yaji sau biyu, a 2019 da 2021, duka biyun yayansa ya zo biko ta koma, duka biyun kuma a kan maganar gida aka rabu da alkawari. A tsakiyar Janairun 2023, lokacin da ake fama da ƙarancin takardun naira, wata rigima ta tashi tsakaninta da facalarta, uwar miji ta shiga, shi kuma ya rubuta mata saki ɗaya. A ranar ta kwaso yara ta dawo gida.

Idda: Janairu zuwa Maris 2023

A gidan iyayenta ta yi idda, kamar yadda aka saba yi a garin nan, duk da cewa ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saka daga ɗakunansu, ta kuma hana su fita. Hikimar zaman a ɗaki ita ce a ga juna, zuciya ta huce, a gyara. Wannan damar ba ta samu ba.

Wannan lokacin yana da nauyi wajen fahimtar duk abin da ya biyo baya. Saki ɗaya ne, saboda haka muddin tana cikin idda yana da ikon yin kome ba tare da sabon sadaki ba, ba tare da sabon ɗaurin aure ba. Furuci da niyya sun isa, sannan a kafa shaidu. Babu wata hanya ta maido da mace da ta kai wannan sauƙi. Iddarta ta cika da tsarki uku a ƙarshen Maris, kwanaki kaɗan da kama azumi. A tsawon wannan lokaci bai zo ba, bai aiko ba, bai kira ba. Abin da ya yi shi ne ya turo naira dubu 30 duk wata ta asusun ƙanenta, na cin yara. Daga ranar da idda ta cika ya zama kamar kowane namiji a gari: in yana son ta sai ya nema, sai ta yarda, sai waliyyi da sadaki da shaidu.

Saƙonni sun fara: Afrilu zuwa Satumba 2023

Saƙo na farko ya shigo ranar ƙaramar Sallah, Juma'a 21 ga Afrilu 2023. Hoton masallaci ne da rubutun barka da Sallah a jikinsa. Ta amsa da "Allah ya maimaita mana." Mako biyu bayan nan wani ya shigo da safiyar Juma'a, addu'a ce mai tsawo. Daga nan abin ya zama jifa-jifa: wani watan sau uku, wani watan sau ɗaya. Wani lokaci yakan rubuta "Ya yara?" ko "Na turo saƙo, a duba." Ta kuma lura yana kallon duk abin da ta ɗora a Status na WhatsApp.

A nan mutanen da ke kewaye da ita suka rabu biyu. Ƙawayenta na wurin aiki suka ce namiji ba ya gaida matar da ya cire daga ransa, kunya ce kawai ta hana shi fitowa fili, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Mahaifiyarta ta ce, "Ke dai uwar 'ya'yansa ce, in bai gaishe ki ba wa zai gaida?" Ita kuwa zuciyarta ta fi karkata ga maganar ƙawaye, kuma ba ta ɓoye dalili ba. Tana son sa har lokacin, tana tsoron raba yara da ubansu, tana kuma jin nauyin zaman gida a ɗaki ɗaya da ƙannenta 'yan mata. Duk wanda ya san abin da bazawara ke ji a unguwa ba zai yi mamakin yadda hoton masallaci ya zama mata abin riƙewa ba.

Abin da ta gwada da farko: Satumba 2023 zuwa Fabrairun 2024

Gwajin farko shi ne karanta alamu. Takan duba ƙarfe nawa saƙo ya shigo, minti nawa ya ɗauka kafin ya buɗe amsarta, ko ya sa alamar fure ko bai sa ba. Takan ɗauki hoton hirar ta tura wa ƙawaye a yi ta fassara. Wannan bai kai ta ko'ina ba, domin kowace alama tana karɓar fassara biyu. In ya buɗe da wuri, yana jiranta ne, ko kuwa wayar ce a hannunsa kamar kowane ɗan kasuwa. In ya yi jinkiri, jan aji yake yi, ko kuwa bai damu ba. Mai son ya ga biko zai gani, mai son ya ga akasin haka ma zai gani.

Na biyu shi ne shiru. Wata ƙawa ta ba ta shawara ta daina amsawa ta ga ko zai damu. Ta yi mako shida ba ta amsa komai ba, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Saƙonnin Juma'a suka ci gaba da shigowa yadda suka saba. A mako na shida ya rubuta, "Lafiya kuwa? Kwana biyu shiru. Ya yara?" Ta ɗauki wannan a matsayin nasara. Amma tambayar ta ƙare ne da yara, kuma da ta amsa cewa lafiya lau, sai ya ce "Madalla," hira ta tsaya nan.

A cikin wannan Oktoban ne wani mutum mai mata ɗaya, ma'aikacin gwamnati, ya aiko yana neman izinin zuwa zance. Ta ce a ba shi haƙuri, ba ta shirya ba. Ba ta faɗa wa iyayenta ainihin dalili ba.

Na uku ya fi sauran illa. Yaran sukan je gidan kakarsu ta wajen uba ƙarshen wata, sai ta fara yi wa babbar tambayoyi in sun dawo: Abba ya tambaye ni? Wa yake waya da ita? An gyara ɗakina ko an rufe? Yarinya mai shekara bakwai ta gane amsar da ke sa uwarta murmushi, ta fara kawo ta ko da ba a faɗa ba. Wata rana kuma ta ƙi zuwa gidan gaba ɗaya, tana kuka, ta ce ta gaji da tambaya, domin ashe can ma ana tambayarta wa ke zuwa wurin Ummanta. Daga nan kakarta ta wajen uwa ta hana a sake yi mata irin wannan tambaya.

Na huɗu, wata 'yar uwa ta kai ta wurin mai duba a Janairun 2024. Ya karɓi naira dubu 15, ya ce mijin yana nan dawowa, asiri ne aka yi masa daga cikin gida. Maganar ta ƙara mata watanni na jira, ta kuma ƙara mata ƙiyayyar facalolin da babu wata shaida a kansu. Malamar Islamiyyarsu da ta ji labari ta yi mata faɗa sosai a kan haramcin zuwa wurin masu duba, ta tuna mata cewa istihara raka'a biyu ce da addu'a da mutum ke yi da kansa a kan abin da yake shirin aikatawa, ba tabarau ba ce ta leƙa zuciyar wani.

Ƙidayar saƙonni: Maris 2024

Cikin azumin 2024, wanda aka kama ranar 11 ga Maris, mai neman nan na Oktoba ya sake aikowa. Wannan karon yayarta, wadda ke aure a Zariya ta zo gida, ta ce ba za a sake korar mutum a kan zato ba. Ta ce, "Kawo wayar nan mu gani da idonmu." Suka zauna bayan tarawihi da takarda da biro, suka bi hirar tun daga ranar ƙaramar Sallar bara, suna rubuta kowane saƙo da ya fara turowa da kansa, ban da amsoshi.

Saƙonni 41 suka samu a cikin wata goma sha ɗaya. Suka kasa su uku. Guda 29 hotuna ne da addu'o'in Juma'a da na Sallah da na shiga sabon wata, babu sunanta a ko ɗaya, kuma da yawansu suna ɗauke da alamar Forwarded a samansu, wato turowa aka yi daga wani wuri. Guda 8 a kan yara ne da kuɗi. Guda 4 ne kawai aka rubuta mata ita kanta.

Sauran na Juma'ar da ba su da alamar Forwarded su ne suka fi riƙe mata rai, domin tana ganin shi ya zauna ya rubuta. Yayar ta kira wata 'yar ƙanwar mahaifinsa da suke mutunci, ta roƙe ta ta duba wayarta. Saƙo iri ɗaya, rana ɗaya, minti ɗaya. WhatsApp yana da abin da ake kira Broadcast, inda mutum ke haɗa lambobi har 256 ya tura musu saƙo a lokaci guda, kowa ya same shi kamar shi kaɗai aka rubuta wa, muddin ya adana lambar mai turowar a wayarsa. 'Yan kasuwa suna yawan amfani da shi wajen gaida abokan ciniki. Tana cikin jerin ne tare da dangi da masu sarin atamfa. Ta yi kuka a daren nan, kuma ba wanda ya hana ta.

Guda huɗun da suka rage su ne suka cancanci a tsaya a kansu, kuma sun tsaya. Na farko shi ne "Lafiya kuwa?" na bayan shirun mako shida. Na biyu jaje ne a Disamba, lokacin da aka kwantar da mahaifinta a asibiti, kuma ya biyo bayansa da zuwa dubiya da kansa, ya zauna da maza a waje, bai nemi ganinta ba. Na uku da na huɗu su ne masu nauyi. Ɗaya ya shigo a farkon Nuwamba da ƙarfe ɗaya saura na dare: "Na tuna da ke yau. Allah ya sa kina lafiya." Ɗayan a makon farko na azumi: "Maman yara, kada ki yi gaggawa a kan komai." Da suka duba kwanan wata, na Nuwamba ya zo ne kwana tara bayan mai neman farko ya aiko, na azumi kuma kwana uku bayan ya sake aikowa. Labari yana isa gare shi ta bakin unguwa.

Yayar ba ta ce mata ba ya son ta ba. Abin da ta ce shi ne takardar nan ta gama aikinta, ta rage saƙo 41 zuwa biyu, kuma waɗannan biyun ba waya ce za ta fassara su ba, mai su ne zai fassara.

Tambaya ta hannun manya: Afrilu zuwa Yunin 2024

Ta so ta tambaye shi da kanta. Mahaifiyarta ta hana, kuma ta kawo dalili. In ta tambaya a waya zai iya ba ta amsa mai daɗi wadda ba ta ɗaure shi da komai ba, ba kuma wanda ya ji. In kuma ya ce a'a, ita ce ta zubar da ajinta, magana ta zaga gidan gado cewa tana roƙon kome. Aka kai maganar wurin baffanta, wanda shi ya ba da aurenta a 2015. Ya tambaye ta abu ɗaya kafin ya tashi: "'Yata, in ya ce yana so, kina so?" Ta ce tana so, amma ba a gidan nan ba. Ya ce to, shi ba zai hana ba, domin aya ta 232 a Suratul Baƙara ta hana waliyyai su tare mace daga komawa wurin mijinta na da in sun yarda da juna bisa alheri. Amma ba zai bari a ajiye ta babu magana ba.

Mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, baffan ya je wurin yayan mijin, wanda ya zo biko sau biyu a baya. Bai je da roƙo ba. Ya ce akwai mai nema, kuma su ba sa son su ba da dama ga wani alhali uban yara yana da magana, saboda haka a amsa musu abu uku. Yana son ta koma? In yana so, ina za ta zauna? Kuma yaushe magabatansa za su zo? Ya ba da wa'adi zuwa babbar Sallah, wata biyu ke nan, ya ce a tsawon lokacin ba za a ba kowa izinin zuwa zance ba.

Amsa ta farko ta dawo bayan kwana goma. Ya ce uwar 'ya'yansa ce, bai taɓa cire ta daga ransa ba, yana da niyya, a ba shi lokaci. A kan muhalli bai ce komai ba. A kan rana bai ce komai ba. Baffan ya ce an ji, wa'adi yana nan yadda yake.

A cikin wata biyun nan matar ta daina amsa saƙon da ba na yara ba, bisa umarnin baffanta, kuma an sanar da mijin dalili don kada ya ɗauka fushi ne. Wannan shirun ya bambanta da na bara. Na bara tarko ne da shi bai san an ɗana ba, wannan kuwa kowa ya san abin da ake jira da ranar da za a daina jira. Ya kira ta sau biyu da dare, ba ta ɗauka ba, ta tura masa cewa magana tana hannun Baffa. Bai nemi gidan haya ba, kamar yadda yayansa ya tabbatar daga baya. Bai yi wa mahaifiyarsa maganar ba.

Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni 2024. Ya aiko da kayan Sallar yara da cinyar rago da hoton barka da Sallah. Magabata ba su zo ba. Kwana huɗu bayan Sallah yayansa ya zo da kansa ya samu baffan, ya ce gaskiya ɗaya ce: ƙanensa ba zai iya fita daga gidan Hajiya ba, ba kuma zai iya maido da ita cikinsa a sake abin da aka yi ba. Ya ba da haƙuri, ya ce in ta samu miji Allah ya sa alheri.

Bayan amsa: Yuli zuwa Disamba 2024

Ta yi kusan wata guda ba ta son magana da kowa. A watan Agusta ta amince mai neman ya fara zuwa. Kafin a sa rana aka zauna a kan yara, domin a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'ya, amma in ta auri wanda ba muharramin yaran ba ya tare da ita, haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta. Aka tsaya a kan haka: yara za su zauna wurin kakarsu ta wajen uwa, uban zai ci gaba da ciyarwa da kuɗin makaranta, za su riƙa zuwa gidan ubansu ƙarshen wata. Aka kuma yarda duk maganar yara ta riƙa bi ta wayar ƙanenta, kuma ta roƙi a cire lambarta daga jerin masu samun saƙon Juma'a saboda mutuncin gidan da za ta shiga. Ya cire ba tare da musu ba. An ɗaura aure a Disamba 2024. Ya aiko yayansa wurin ɗaurin auren.

Hukunci

A ganina tambayar da ta shafe wata goma sha huɗu tana yi wa kanta, biko ne ko zumunci, ta rasa amsa ne saboda saƙonnin ba iri ɗaya ba ne. Guda 39 zumunci ne da haƙƙin yara, kuma babu laifi a cikinsu. Mutumin da ya gaida uwar 'ya'yansa, ya je dubiyar tsohon surukinsa, ya yi abin da tarbiyya ta koya masa, kuma Alƙur'ani a cikin ayoyin saki ya ce kada a manta da falala a tsakani. Ba yaudara ba ce. Guda biyun na dare wani abu ne daban. Akwai so a cikinsu, ban yi shakka ba, amma so ne da kishi ke tayarwa duk lokacin da wani ya matso, ya kwanta in an janye. Irin wannan shi ne ya fi cutar da bazawara, domin gaskiya ne daidai yadda zai riƙe ta, bai kuma kai ƙarfin da zai maido da ita ba. Saƙon "kada ki yi gaggawa" shi nake ganin laifinsa a kai. Wanda ba shi da ɗakin da zai sa mace bai kamata ya ce mata ta jira ba.

Gwaje-gwajenta na farko sun gaza ne saboda duka suna auna abin da bai ci masa komai ba. Tura hoto, kallon Status, tambayar lafiya, duk ana yin su da yatsa ɗaya a bakin shago. Tambayar baffa ta yi aiki saboda ta nemi abin da ke da tsada: ya faɗa a gaban yayansa, ya taɓa dalilin da ya kashe auren, ya sa rana. Tambaya ta biyu, ta muhalli, ita ce ta fito da gaskiya, domin ta farko kowa zai iya amsa ta da "ina da niyya." Kuma shaida mafi ƙarfi tana nan tun farko ba a kula da ita ba: ya bar idda ta cika, lokacin da kalma ɗaya ta ishe shi.

Wannan ba ya nufin duk tsohon mijin da ke gaisuwa ba ya son kome. Akwai masu kunya da masu jin nauyi waɗanda da gaisuwa suke fara lalube. Bambancin shi ne tasu gaisuwar tana tafiya gaba. Daga hoto ta koma magana da suna, daga nan ta kai ga ambaton abin da ya faru da neman afuwa, daga nan a ga mutum ya fara zuwa gaida iyaye, sai kuma aike. Tasa ta tsaya wuri ɗaya fiye da shekara. Haka nan da sakin na uku ne, ko kuwa da a ce duka ne ya raba su, da ba wannan tambayar za a fara yi ba.

Abin da nake ganin ya kamata gidan su yi tun da wuri shi ne aiken baffa a Oktoban 2023, ranar da mai nema na farko ya aiko. Da an yi haka, da an samu amsa iri ɗaya wata takwas kafin lokacin da aka same ta, da yarinyar ba ta shiga tsakani ba, da kuma dubu 15 ɗin mai duba sun tafi kuɗin makaranta.